Shinkafa ta tashi gab da azumi: masu saye ne suka yi yawa, ko sari ne ya yi tsada?

Mai shago a Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Dilana ya ƙara kuɗin buhun shinkafa, wai kuɗin jirgin ruwa ya hau, ga azumi ya matso. Ɗana ya ce hauhawar farashi iri biyu ce: ta yawan buƙata da ta tsadar kawo kaya. Wacce ce wannan? In cika sito ko in dakata?

Direba a Makka: Buƙata ce kawai, Alhaji. Bara a goman ƙarshe ɗakin da ake bayarwa da arha ya ninka, kuma ba ɗaki ko ɗaya a sake. Cika sito.

Tsohon akawu: Wa alaikumus salam. Maganar ɗakunan Makka gaskiya ce, amma shinkafar Alhaji daban. Kada ka tsaya kan farashi kaɗai, Alhaji, buɗe littafin cinikinka. Idan farashi ya hau kuma buhunan da ke fita sun ƙaru, masu saye ne ke jan sa. Idan ya hau amma ciniki ya ragu, mai ɗaukar buhu ya koma rabi, to daga baya aka turo tsadar.

Ka tuna 1 ga Yulin 2020, da aka ɗaga harajin saye daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Kayan riyal 100 da ake biya 105 ya koma 115. Babu wanda kuɗinsa ya ƙaru, lokacin korona ne, an ma janye alawus ɗin tsadar rayuwa na ma'aikatan gwamnati. Amma hauhawar farashi ta tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa kusan kashi 6 a wata guda. Da shekara ta zagayo, a Yulin 2021, ta sake komawa ƙasa da kashi 1. Ba wai kaya sun sauko ba, hawan ne ya tsaya, domin sau ɗaya aka ƙara harajin. Na ga masu shagon da suka tara kaya da bashi a lokacin, ciniki kuma bai biyo ba.

Kuɗin jirgi irin wannan ne. Tambayi wasu diloli biyu. In duk sun ƙara, har da kayan da azumi bai shafa ba, kamar sabulu, to tsadar kawowa ce.

Wata uwa a Madina: Ni dai ku ji tsoron Allah, ku daina ɓoye kaya. Mu masu yara bakwai mu ke shan wuya.

Mai shago a Jidda: Hajiya, wallahi ba ɓoyewa nake nufi ba. Malam, na duba: cinikin shinkafa ya ragu da buhu huɗu a mako, amma na mai da dabino ya ƙaru.

Tsohon akawu: To biyun sun haɗu a shagonka. Ƙara mai da dabino, shinkafa kuma sayi ta mako biyu tukuna. Mako ɗaya bai isa hujja ba, domin wasu sai an yi albashi suke sayayyar azumi.

Direba a Makka: Ni har yanzu ina ganin in aka ga wata, buhunan nan ba za su kwana ba.