Ba mu taɓa faɗa ba, anya soyayya ce?

Ƴar Agege: Salamu alaikum ƴan uwa. Bikina bayan Babbar Sallah ne. Shekara ɗaya muna tare, ko musu ba mu taɓa yi ba. A finafinan soyayya masu ban dariya da nake kallo kuwa, sai an fara da faɗa, a rabu, sannan ya biyo ta filin jirgi da gudu. Ƙawata ta ce namu lami ne. Ya kuke gani?

Malam Surulere: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi shekaru ina gyaran labarin fim, faɗan nan dolen marubuci ne. Tun daga fosta mai kallo ya san wa zai auri wa, ga minti 90 ko 100 da sai an cika. To da me za a cika su? Sai a haɗa su a farkon fim, ya watsa mata ruwan kwata da mota, ta zage shi. A tsakiya su shaƙu. In an ci kashi biyu cikin uku, sai ta tsinci rabin zance a bayan ƙofa, ko ta gan shi da wata wadda ashe ƙanwarsa ce. Ki gwada wannan: in kiran waya ɗaya zai kashe rigimar, to marubuci ne ya hana su magana. Gudun filin jirgin kuma, kyamara ba ta iya ɗaukar haƙurin shekara guda, amma tana ɗaukar mutum yana haki. Illar ita ce mai kallo ya saba auna so da yawan wahala.

Maman Hanif: Ki daina kallon nan ki kama istihara. Amma tsaya, yana miki hidima kuwa? Marowaci ma ba ya son faɗa.

Ƴar Agege: Anti, ba rowa ba ce. Da Mama ta kwanta asibiti, kullum daga Mile 12 yake kawo abinci, duk cunkoson nan.

Ɗan Obalende: Ni fim ya cuta. Ta ce a'a, na ɗauka irin a'ar da ke komawa i ce a ƙarshe. Sati uku ina tsayuwa ƙofar gidansu da fulawa, har yayanta ya fito da bokitin ruwa.

Hajiya Idi-Araba: Abin Turawa da Indiyawa ne, namu na Kano ba haka suke ba.

Malam Surulere: Hajiya, shingen kawai aka sauya: auren dole, kishiya, ko uba mai kuɗi. Ƙashin bayan labarin ɗaya ne, kuma yawanci ana shafa fatiha ake rufe fim, ba a nuna ranar biyan kuɗin haya.

Maman Hanif: Duk da haka ni ina da ja. Wanda ba ki taɓa ganin fushinsa ba, ba ki gama saninsa ba. Ki tambayi ƙannensa yadda yake in ransa ya ɓaci.