Ampul ta fashe, gindinta ya maƙale a mazauni: wa ya taɓa ciro shi?

Uwargida a Birni: Salamu alaikum. Jiya yarana suna buga ƙwallo a zaure suka fasa ampul, wato ƙwan fitilar lantarki. Gilashin ya zube, saura gindin ƙarfen a cikin mazauninsa, da haƙoran kwalba tsirara a bakinsa. Na kashe makunnin bango. Maigidan yana Maraɗi, daren nan da tocila muka shiga gida. Don Allah wanda abin ya taɓa samu ya gaya mini yadda ya yi.

Ɗalibi daga Garin Malam: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dankalin turawa za ki raba biyu, ki danna shi a kan haƙoran, ki murɗa hagu. Na yi a ɗakinmu, nan take ya fito.

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Hajiya, tsaya tukun, kada ki sa hannu. Makunnin bango bai isa ba. Gidaje da yawa da na shiga, wanda ya ja waya ya ɗora makunni a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta. Fitila tana mutuwa idan an kashe, amma kuran yana nan zaune a mazaunin, bolt 220 cif. Je ki wurin mita ki sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, ki duba ki ga fanka da firiji sun tsaya. In kuna da sola ko janareto da aka haɗa da wayoyin gida, shi ma a raba shi. In akwai testa, fara gwada ta a soket kafin ki sauke, ki ga tana kamawa, sannan ki taɓa ƙarfen da ita bayan kin sauke, ki tabbata ba ta kama ba.

Daga nan sai filaya mai dogon baki. Ki kakkarye sauran gilashin a cikin kwano, ki zura bakin filayar a rufe cikin gindin, ki buɗe ta har ta tokare ƙarfen ta ciki, ki juya hagu, yadda ake kwance murfin kwalba. Ɗaya hannun ya riƙe mazaunin gam, in ba haka ba shi zai riƙa juyawa, wayoyin su murɗe su tsinke. Ki sa tabarau, kuma kada ki tsaya daidai ƙarƙashinsa kina ɗaga kai.

Ɗalibi daga Garin Malam: Amma Malam, dankalin ya yi mini aiki fa.

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Ya yi maka ne don gilashinka yana da saura kuma gindin bai cije ba. In ya cije, dankalin ne zai dagargaje, ruwansa ya shiga mazaunin. Sabulu busasshe ma ya fi shi.

Tela a kasuwar Dole: Ni gangancin da na yi shi ne na jira aka ɗauke wuta, na ce ai shi ke nan. Ina kan benci, filaya tana cikin gindin, sai na ji fankar shago ta tashi. Allah ne ya tsare, hannun filayar roba ne. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ɗauke wuta ba kashewa ba ne, ba ka san lokacin da za a maido ta ba.

Malamar makaranta, Zango: Ni na yi ta murɗawa hagu kusan rabin awa, ko motsi. Ashe tawa ba mai zare ba ce, mai ƙusoshi biyu ce a gefe. Ita sai an danna gindin ciki, a juya kaɗan, ƙusoshin su fita daga tsagarsu. Hajiya, leƙa bakin mazaunin: in kin ga tsaga biyu masu lanƙwasa, irin tawa ce.

Uwargida a Birni: Alhamdulillahi, ya fito. Tawa mai zare ce. Na sauke makunnin mita, ƙanena ya riƙe mini tsani. Buɗe filayar a ciki bai yi ba, sai sulɓewa take. Sai na kama leɓen ƙarfen na lanƙwasa shi ciki a wuri uku, ya saki, na riƙe leɓe ɗaya na juya. Ƙura da tsatsa ne suka zubo. Amma cikin mazaunin ya yi baƙi, ɗan harshen da ke tsakiya kuma ya kwanta. In sa sabuwa haka?

Tela a kasuwar Dole: Nawa ma ya yi baƙi, na goge na ɗago harshen kaɗan, yau shekara guda yana aiki.

Mai gyaran wuta, Sabon Gari: Baƙi iri biyu ne. In ƙura ce, busasshen tsumma zai ɗauke ta. In robar ta ƙone, ta tsage ko tana warin ƙuna, mazaunin ya gama aiki, a sauya shi. Hajiya, goge ki gaya mana abin da kika gani, kuma makunnin mita ya zauna a sauke har ki gama.