Dubu 260 a hannu ko dubu 209 da fansho? Shawarwarin zauren matasan Agege

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kafin Litinin. Shekarata 26, aiki biyu ne suka fito min a mako ɗaya. Na farko wani kamfanin dakon kaya ne a Apapa, albashi dubu 250 a takarda, amma bayan an cire haraji da fansho abin da zai shigo min kusan dubu 209 ne. Na biyu wajen wani Alhaji ne mai shigo da kaya a Trade Fair, zan riƙe masa lissafi, dubu 260 a hannu duk wata, babu takarda babu cire-cire. Zuciyata ta karkata wajen Alhaji, don dubu 51 ba wasa ba ne a Legas. Wanda ya san harkar ya taimaka.

Sani Mile 12: Wa alaikumus salam. Ɗauki na Alhaji kawai, ɗan'uwa. Kuɗin da ke hannunka shi ne naka. Ka ga tsofaffin da ke bin layi ana tantance su shekara da shekaru? Wannan fanshon kake so ka jira?

Anti Hadiza: Sani, waɗancan tsofaffin yawancinsu 'yan tsohon tsari ne, lokacin da gwamnati ke biyan fansho daga kasafin kuɗinta. Tun 2004 aka canza, aka sake gyara dokar a 2014. Yanzu kowane ma'aikaci da asusunsa da sunansa, shi ne RSA, kuma kuɗin ba ya zama a hannun wanda ya ɗauke ka aiki. Ni shekara goma sha ɗaya ina shirya albashin ma'aikata a Ikeja, don haka bari in yi wa Nura lissafin. Nura, duba takardar da suka ba ka, nawa aka rubuta a gundarin albashi, da kuɗin gida, da kuɗin mota?

Nura: Anti, gundarin albashi dubu 120, gida dubu 50, mota dubu 30. Sauran dubu 50 ɗin alawus ne na abinci da waya.

Anti Hadiza: Yauwa. Waɗannan ukun su ake haɗawa, sun kama dubu 200. A kansu doka ta ce a cire maka kashi 8 cikin ɗari, dubu 16 ke nan, shi kuma kamfani ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa, dubu 20. Wato duk wata dubu 36 na shiga asusunka, a shekara dubu 432. Wannan dubu 20 ɗin ba ta cikin 250 da ka gani a takarda, ƙari ce, sai dai in sun rubuta cewa sun haɗa da ita, kuma wannan sai ka tambaye su ƙarara.

To ka ga tazarar ba dubu 51 ba ce. In ka cire 36 da ake ajiye maka, saura dubu 15. Kuma ita ma 15 ɗin ta samu ne saboda a wajen Alhaji ba a cire maka haraji ba, ba don harajin ya faɗi daga kanka ba. Sannan akwai abin da matasa ba sa tambaya: doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Allah ya tsare, in ta Allah ta kasance kana kan aiki, iyalinka na da abin karɓa. A wajen Alhaji sai abin da ya ga dama ya kai gidan gaisuwa.

Maman Ilham: Ni dai shawarata ka shiga adashi. Muna da na dubu 20 duk wata a Idi-Araba, mutum goma sha biyu, ba a taɓa samun matsala ba. Da kwasata ta bara na sayi firiza.

Bashir: Maman Ilham, adashi na da kyau, amma ba shi ya tambaya ba. Adashi abin da ka zuba shi kake kwasa, babu wanda ke ɗora maka dubu 20 a kai. Ni abin da ya same ni zan faɗa, don kada Nura ya ga kalmar fansho a takarda ya saki jiki. Na yi shekara biyu da wata huɗu a wani kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata yana tura su bankuna. Duk wata takardar albashi na nuna an cire min dubu 9 da ɗari shida. Ban taɓa dubawa ba. Sai da na bar aikin na je ofishin masu kula da asusuna, yarinyar ta juyo min da fuskar kwamfuta, na ga wata bakwai kacal aka taɓa zubawa. Wata ashirin da ɗaya babu nawa babu nasu. Na yi ta zirga-zirga, har yau ba a gama biyana ba. Wallahi da na san haka tun wata na uku zan tada ƙura, lokacin ina ciki kuma suna buƙatata.

Anti Hadiza: Allah ya fitar maka da haƙƙinka, Bashir. Irin wannan ya yi yawa, kuma gane shi ba wuya. Doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba duk wata. Kamfanin da ke kula da asusunka, wato PFA, yana turo saƙo a waya in kuɗi sun shiga. Ka ga wata biyu shiru, ka buɗe manhajarsu ka duba. In babu, ka rubuta wa ofishin ma'aikata takarda ka ajiye kwafi, in ba su motsa ba ka kai ƙara PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, da takardun albashinka.

Kafin ma ka karɓi aikin, Nura, ka samu wani da ya shekara a can, ba manaja ba, direba ko magatakarda, ka ce ya nuna maka saƙon fanshonsa na watan jiya. In ya lalubo nan take, wurin na biya. In ya fara sosa ƙeya, ka samu amsarka.

Sani Mile 12: Duk na ji, Anti, amma ba ki taɓo tsadar kaya ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Dubu 36 ta yau, in Nura ya kai hamsin, buhun shinkafa nawa za ta saya? Ni da dubu 51 ɗin nan zan sari albasa in juya ta sau biyu a wata.

Anti Hadiza: A nan kana da gaskiya rabi. An yi shekarun da ribar asusun fansho ba ta kamo hauhawar farashi ba, ba zan ɓoye ba. Amma ka lura da abu ɗaya: daga aljihun Nura dubu 16 ce ke fita, 36 ke shiga. Kafin a juya ko kwabo, kuɗinsa ya ninka fiye da biyu. Wace albasa ce ke ba da haka duk wata ba tare da ruɓewa ba? Kuma kai Sani kana kasuwa tun asuba, ka san dillalai, ka san lokacin da mota ke sauka daga Aliero. Nura zai wuni a kan littafin lissafin wani. Wa zai juya masa?

Maganar shekaru kuma ita ce ta sa nake matsa wa 'yan ashirin. Shekara biyar na farko a Apapa, ko albashi bai ƙaru ba, miliyan 2 da dubu 160 ne a asusu. A ɗauka misali ribar ta fi hauhawar farashi da kashi 3 kawai a shekara, kuɗi na ninka ƙarfin sayensa cikin kamar shekara 24. Wanda ya zuba a 26 zuwa 30 ya samu wannan ninkin kafin ya kai 55. Wanda ya fara a 40 ba zai same shi ba, sai dai ya zuba da yawa a lokacin da kuɗin makarantar yara da haya suka shaƙe shi.

Malam Auwal: Ni tambayata daban ce. Kuɗin nan ba a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa ake saka su ba? Shi ya sa ban taɓa natsuwa da abin ba.

Bashir: Malam, akwai asusun da babu ruwa a ciki, sunansa Fund VI, a sukuk da hannayen jarin da suka dace da shari'a ake zuba shi. Amma ba a saka mutum kai tsaye. Duk wanda bai kai hamsin ba a asusun gama-gari, wato Fund II, yake tsintar kansa, sai ka cike takarda ka nemi a mayar da kai. Ni na yi, bai ɗauke ni minti ashirin ba.

Malam Auwal: Madalla. Zan tambayi malamanmu a kan ribar da ta riga ta taru a baya, yadda za a yi da ita.

Nura: Na gode ƙwarai. Amma gaskiya burina kasuwanci ne, ba na son in tsufa ina aikin albashi. In na shiga Apapa ba na ɗaure kaina ba?

Anti Hadiza: Ba ka ɗaure ba, ƙanena. Lambar PIN ɗinka ta fansho guda ce har ƙarshen rayuwa, duk inda ka koma ita za ka miƙa, kada ka yarda wani ɗan talla ya buɗe maka ta biyu. In PFA ɗin bai yi maka ba, kana iya sauya shi sau ɗaya a shekara. In ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, kana iya cire kashi 25 cikin ɗari, sauran sai ka kai hamsin. Don haka kada ka lissafa shi a jarin da za ka buɗe shago da shi, jarin shago daban za ka tara, a nan adashin Maman Ilham zai yi maka rana.

In kuma ka ga ilimin shigo da kaya da za ka samu wajen Alhaji ya fi, dalili ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Akwai tsarin fansho na masu zaman kansu da aka ƙaddamar a 2019, kana iya zubawa da kanka. Sai dai ka sani dubu 36 ɗin gaba ɗaya daga jikinka za ta fita, kuma ranar da albashi ya shigo za ka tura, ba ƙarshen wata ba. A ma'aikatan da na sani, waɗanda suka ce za su riƙa yi da kansu, kaɗan ne suka wuce azumi da salla suna yi.

Sani Mile 12: To ya je ya ce wa Alhaji ya ƙara zuwa dubu 300, ya ba shi takarda. In ya yarda, ni har yanzu ina kan bakana.

Bashir: In ya yarda ya rubuta takarda, wannan wata magana ce. Gwada shi, Nura.

Nura: Gobe bayan Juma'a zan same shi in faɗa masa 300 da takarda. Yanzu kuma na tura wa wani ɗan Sabon Gari da ke tuƙi a kamfanin Apapa saƙo, na ce ya turo min hoton saƙon fanshonsa na watan jiya. Ya karanta, bai amsa ba tukuna.