Gwamewar ƙafa ga yaro ɗan tatata: abin da likita ya ce

A wata tattaunawa, wani uba a nan Maraɗi ya kawo damuwarsa: ɗansa mai wata 18 ya fara tafiya, amma in ya tsaya ya haɗe idon sawu, gwiwoyinsa ba sa haɗuwa. Wasu suka ce goyo ne ya jawo, wasu suka ce a kai shi wurin mai ɗori. Likitan yara da ke cikin tattaunawar ya ce: «Malam, kwantar da hankalinka, goyo ba ya gwame ƙafa, kuma babu karayar da za a ɗora.»

A bayaninsa, jarirai da yawa haka ake haihuwarsu saboda naɗewar da suka yi a ciki. Ƙafar kan miƙe da kanta wajen shekara 2, har gwiwoyin su ɗan karkato ciki a shekara 3 zuwa 4, sannan su daidaita wajen shekara 7. Tunda yaron nan ƙafafunsa biyu lanƙwasarsu ɗaya, ba ya ɗingishi, ba ya kukan ciwo, sai a sa ido kawai.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce ta awo. A tsayar da yaro, idon sawu a haɗe, a auna tazarar gwiwoyi da zare, a sake bayan wata 6.

In tazarar na ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce ta gwame, ko ya wuce shekara 3 bai miƙe ba, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, a kai shi asibiti. Cikin abubuwan da ake zargi a nan akwai laushin ƙashi daga ƙarancin bitamin D ko kalsiyam, wanda hoton ƙashi da gwajin jini ke tabbatarwa.