Wace kalma za mu sa wa `Dry Run` a takardar masu kula da rijiyar sola?

Mai koyar da aikin sola, Zariya: Salamu alaikum. Ina rubuta 'yar takarda da za a liƙa a jikin akwatin inbata, saboda masu kula da rijiyoyin burtsatse na ƙauye. Abu uku ke tsayar da famfo: rana ta yi rauni, tanki ya cika, sai na ukun da allon inbata ke rubutawa `Dry Run`, wasu kuma `Underload`. Biyun farko ba su ba ni wahala ba. Na ukun ne nake neman sunan da mai gadi zai karanta ya san abin yi. Na fara sa "busasshen gudu", sai na ji ba Hausa ba ce.

Mai haƙar burtsatse, Funtuwa: Wa alaikumus salam Malam. Ai ba sai an wahala ba, a ce "kariyar ƙafewa". Rijiya ta ƙafe, inji ya tsaya. Kowa ya san wannan.

Tsohon injiniyan ruwa: Alhaji, ƙafewa ta yi nauyi. Idan ka ce wa mutanen gari rijiya ta ƙafe, za su ɗauka sai an haƙa wata. Alhali sau da yawa ruwa na nan, sumo, wato famfon da ke cikin rijiyar, shi ke ja fiye da yadda jijiyar ke kawowa, har ruwan ya sauka ƙasa da bakin da yake zuƙa. A ba shi minti ashirin ko talatin ya dawo. Illar kuwa ita ce ruwan nan shi ke sanyaya motar famfon, shi ke jiƙa abubuwan da ke gogar juna. Famfon da ke da murɗaɗɗen ƙarfe cikin roba ya fi saurin lalacewa, don robar ƙonewa take nan da nan.

Kafin a zaɓi suna, ya kamata a san yadda inbata ke gane halin, domin nan ake yawan kuskure. Bari in ba da misali da sumo mai kilowat 1.5 da na daidaita. Da rana tsaka yana juyi a 50 Hz, yana jan amfiya 4. Idan ruwa ya sauka ya fara jan iska, nauyi ya tafi, sai amfiya ta faɗo wajen 2.4. Wanda ya haɗa shi tun farko ya sa iyaka a 3.2, wato duk lokacin da aka yi ƙasa da haka a kashe. Amma da hantsi, ko idan gajimare ya gifta, inbata kan rage gudu zuwa 42 Hz don ya daidaita da abin da faranti ke bayarwa, kuma a nan amfiya 3 kawai yake ja, ga ruwa cike a rijiya. Sai ya riƙa kashe kansa a banza, ya yi zaman jira na rabin awa, tanki ya wuni bai cika ba.

Bambancin yana wurin gudu. Idan gajimare ne, gudu da amfiya tare suke sauka. Idan iska ya zuƙa, amfiya ce ke sauka, gudu kuma ya haura sama, saboda mota ta rasa abin turawa. Na maida iyakar 2.7, na sa kada ta yi aiki sai gudu ya wuce 45 Hz, kuma sai halin ya ɗore daƙiƙa 10. Inbatan da ke auna wat ya fi dacewa da wannan, don ƙananan motoci ko ba kaya a kansu suna jan amfiya mai ɗan yawa, tazarar ba ta da faɗi.

Mai koyar da aikin sola, Zariya: Ranka ya daɗe, to me za ka kira shi?

Tsohon injiniyan ruwa: Ni "zuƙar iska" nake cewa, kuma haka na ji yaran aiki suna faɗa: sumo ya zuƙi iska. Ana ma gani a bakin bututu, ruwa na fita da tsartuwa yana yankewa, bututu na kakari. Sai a ce "kariyar zuƙar iska".

Ma'aikaci daga Maraɗi: A wajenmu masu foraj, wato burtsatse, da Faransanci suke faɗinsa, amma idan muna yi wa mutanen gari bayani cewa muke "juyin wofi". Ya fi gajarta, ya fi daɗin faɗi.

Tsohon injiniyan ruwa: Ɗan'uwa, kalmar tana da kyau, sai dai akwai wani hali daban da ta fi dacewa da shi. Ƙarfin tura ruwa sama yana raguwa da sauri fiye da gudu. Famfon da iyakar turinsa mita 90 ne a 50 Hz, idan ya sauko 40 Hz bai wuce mita 58 ba. Idan daga saman ruwan rijiya zuwa bakin tanki mita 60 ne, to yana juyi, yana cikin ruwa tsundum, amma ko ɗigo ba ya kaiwa. Ruwan da ke kewaye da mota ba ya gudana, sai ya yi ta ɗumi. Wannan shi ne juyin wofi na gaskiya, kuma maganinsa daban: a sa mafi ƙarancin gudu kamar 42 Hz, idan rana ta kasa riƙe shi inbata ya kwanta ya jira.

Ma'aikaci daga Maraɗi: Na gane, amma mai gadi ba ya raba waɗannan biyun. Shi dai ruwa ba ya zuwa shato, wato tanki. Ina nan a kan tawa.

Shugabar kwamitin ruwa: Malamai, ku yi haƙuri in shigo da tamu. Namu famfon da tanki ya kusa cika sai ya riƙa tashi yana mutuwa, tashi yana mutuwa. Shi ma zuƙar iskar ce?

Mai haƙar burtsatse, Funtuwa: A'a Hajiya, fulot ɗinku ne, wato makunnin da ke yawo a saman ruwan tanki. Ruwan da ke zubowa yana kaɗa shi. A matsar da shi nesa da bakin bututu, a ƙara masa tsawon igiya, kada ya tada famfo sai tanki ya kusa zama fanko.

Tsohon injiniyan ruwa: Matsarwar daidai ce, jiran fankon ne ban yarda ba. Wannan dabarar mai janareta ce. A sola idan tanki ya sauka rabi da azahar famfo na zaune, kafin ya tashi rana ta yi sanyi, mutane su kwana ba ruwa. Tazarar santimita 30 zuwa 40 ƙasa da cika ta isa, a ƙara jinkirin minti kaɗan a inbata kafin ya sake tashi.

Mai haƙar burtsatse, Funtuwa: Na karɓa. Amma Injiniya, ni na fi yarda da sandar jin ruwa da ake ɗaurewa sama da sumo. Ba ruwanta da gajimare.

Tsohon injiniyan ruwa: Tana da kyau, ina sa su biyun tare in da hali. Sai dai mahaɗin wayarta idan ya sha ruwa, za ta ce akwai ruwa ko da babu.

Mai koyar da aikin sola, Zariya: Na gode. A takardar zan rubuta "zuƙar iska" a gefen `Dry Run`, da umarnin kada a kashe inbata a kunna don tsallake jiran, kuma idan ya maimaita fiye da sau uku a wuni a kira mai gyara ya rage gudu ko ya duba zurfin sumo. "Juyin wofi" zan gwada shi a wajen raunin rana. Ranar Asabar zan karanta wa masu gadi biyu in ji yadda suka fahimta. Ɗan'uwa na Maraɗi, ka gwada "zuƙar iska" a wajenku ka faɗa mana.