Wurin da mediyan ukku ke haɗuwa: kowa ya faɗi yadda ta kaya mashi

Maman Nafisa: Salamu alaikum jama'a, ɗiyata na shirin birbe nan Tawa, an ba su dabuwar a gano tsakiyar nauyin tiriyangil mai A(1, 1), B(9, 3), C(2, 8). Ita ta samu (6, 6) amma da ta ɗiga shi bisa kaye sai ya faɗa wajen tiriyangil ɗin, waɗanda sunka taɓa cin karo da wanga ku gaya muna.

Mushe Isufu: Hajiya da 2 ta raba, kowace shekara sai na ga haka ga ƴan ajina saboda hannunsu ya saba da neman tsakiyar layi. Kusurwa ukku ce, sai a raba da 3: x = (1 + 9 + 2)/3 = 4, y = (1 + 3 + 8)/3 = 4, kenan tsakiyar nauyin ita ce G(4 ; 4), wurin da mediyan ukku ke haɗuwa. Kuma ta yi hankali da ta zana, don G ba ya taɓa fita waje, ya fita to lissafi ya ɓaci.

Abdu: Mu lokacinmu da ekar muke ja daga kusurwa a sauka tsaye bisa gefen da ke kallonta, inda sunka haɗu shi ne.

Mushe Isufu: Abdu wannan tsawo ne ka ja ba mediyan ba, suna zama ɗaya in gefuna ukku duk daidai suke, shi ya sa ta yi maka. Mediyan tsakiyar gefe take tahiya. Tsakiyar BC ita ce M(5,5 ; 5,5), daga A zuwa M an ƙara 4,5 ga x da 4,5 ga y, ka ɗauki kashi biyu cikin ukku, wato 3 da 3, ka ɗora bisa (1, 1) sai ga ka (4, 4). Daga kusurwa ake ƙirga kashi biyun ba daga M ba, nan ma yara ke juyawa su sauka (2,5 ; 2,5).

Hadiza: Ni ƙanena bai yarda ba sai da munka yanka kwalin sukari, munka ja mediyan biyu kawai da regil, munka aza wurin haɗuwar bisa bakin bik ya tsaya cak, ta ukkun da munka ja daga baya nan ta bi ita ma.

Lawali mai walda: To ni na gwada Yamai da tiriyangil na rodi, tsakiya fanko, gefe guda ya fi tsawo sosai, na ɗaure zare na rataye ta wajen G ɗin nan sai ya karkata, mi ya sa?

Mushe Isufu: Malam Lawali naka nauyin ga gefuna yake ba shimfiɗe ba kamar kwali, rodin da ya fi tsawo ya fi ja, wurin daidaiton wani ne daban. Aiko tsawon gefunan in lissafa maka.

Lawali mai walda: Sai na koma gareji gobe in auna mushe.