Taƙaitawa: daidaita aiki a layin ɗinkin riga

1. A tattaunawar da aka yi kan layin ɗinki, inda kowane tela ke yin sashe ɗaya na aikin ya miƙa wa wani, kowa ya yarda cewa a gama wuya, hannu da aljihu daban, kafin a haɗa kafaɗa, a ɗora wuya, sannan hannu, a rufe gefe.

2. Misalin da aka fi tattaunawa: idan ana son riga 60 a awa, kowane tela yana da minti 1 a kan kowace riga. Ɗora wuya kuwa yana cin minti 2, don haka kaya za su taru gaban wannan keken, na bayansa su zauna jira.

3. A nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a ƙara keke na biyu, wasu kuma suna ganin a raba aikin gida biyu, kodayake rabin ba ya fita daidai.